An ba ni jawabin asambili ran Litinin, kan riƙon amana in ba mai ganinka

Maman Ilham: Salamu alaikum malamai. Dan Allah ina neman shawara, firinsifal ɗinmu ya ce ni zan yi wa yara jawabi a asambili ran Litinin, minti 5 kacal ya ba ni, maudu'in shi ne riƙon amana da gaskiya a inda babu mai ganinka. Dalili kuwa 'yan aji 6 sun kusa fara WAEC, ga kuma sace-sacen biro da kuɗin tara da ya yi yawa a azuzuwan ƙasa. Makarantar jeka-ka-dawo ce, maza da mata, Musulmi sun fi yawa amma muna da Kiristoci. Na rubuta wani abu har shafi 3, da na karanta wa maigidana sai ya ce shi kam huɗubar Juma'a ya ji. Ta ina zan kamo shi?

Ustazu na Bakin Kasuwa: Wa alaikumus salam Malama. Ai wannan mai sauƙi ne. Ki fara da hadisin Jibrilu, inda aka tambayi Annabi (SAW) game da ihsani ya ce ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in kai ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Shi ne na 2 a Arba'una, duk yaron da ya je Islamiyya ya haddace shi. Sai ki kawo ƙissar yarinyar nan mai sayar da madara a zamanin Sayyidina Umar, wadda uwarta ta ce ta ƙara ruwa tunda Umar ba ya ganinsu, ta ce ba za ta yi masa biyayya a fili ta saɓa masa a ɓoye ba. Ashe Umar na jingine da katangarsu yana ji, ya aurar da ita ga ɗansa Asim, daga tsatsonta aka samu Umar bin Abdul'aziz. Shikenan kin gama, wa zai ƙara miki wani abu a kan wannan?

Maman Ilham: Malam ai ita ce a shafina na farko. Matsalar ita ce yaran nan sun ji ta har sun gaji, ina fara "wata rana da daddare Sayyidina Umar" na san 'yan layin baya za su ƙarasa min.

Baba Mai Ritaya: 'Yata bari in sa baki, na daɗe ina tsayawa a gaban asambili kafin in ajiye aiki. Abu na farko shafi 3 ba zai shiga minti 5 ba. A fili kike magana, da lasifika ko babu, dole ki ja magana a hankali kina tsayawa don na baya su ji, ba za ki wuce kalma 110 zuwa 120 a minti ba. Ke nan kalma 550 ko 600 ne duka rabonki, shafi 1 da ɗan ƙari in rubutun hannu ne. Kuma ki tuna kafin a miƙa miki lasifikar sun riga sun yi taken ƙasa, sun yi addu'a, an duba farce da safa, rana ta fara dukan ƙeya. Labari 1, tambaya 1, aiki 1 da za su yi a makon. Duk abin da ya ƙaru a kan haka malamai kike wa jawabi ba yara ba.

Abu na biyu kuma shi ne wanda na fi so ki duba, kuma Ustazu ka yi min haƙuri. Ƙissar mai madara tana da kyau, amma ku lura da yadda muke ba da ita. Muna ƙarewa ne da cewa ashe akwai wanda ya ji, kuma ta samu miji ɗan halifa. Yaro mai wayo abin da zai ɗauka shi ne ka yi gaskiya domin wataƙila wani babba na laɓe zai ba ka tukuici. To ran da ya tabbatar babu kowa a laɓe fa? Ai nan ne maudu'in naki ya fara. Haka ƙissar makiyayin nan da Abdullahi bin Umar ya ce ya sayar masa da tunkiya ya ce wa ubangidansa kura ce ta ci, yaron ya ce to ina Allah, ita ma da 'yantawa da kyautar garke ta ƙare. Mu masu ba da labarin mun fi jin daɗin ƙarshen, alhali darasin yana tsakiya, lokacin da yarinyar take magana ba ta san da kowa a bayan katanga ba.

Ustazu na Bakin Kasuwa: Baba da girmanka amma ban yarda ba. Wanda ya ji tsoron Allah zai sanya masa mafita ya azurta shi ta inda bai zata ba, wannan aya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ, ba mu muka ƙirƙira ba. Laifi ne a nuna wa yaro gaskiya tana da riba?

Baba Mai Ritaya: Ba laifi ba ne Malam, ayar gaskiya ce. Amma ayar ba ta ce mafitar za ta zo ran Talata da safe a hannun firinsifal ba. Yaron da ya ƙi karɓar takardar satar amsa zai iya faɗuwa lissafi a bana, abokinsa da ya karɓa ya ci, wannan yana faruwa kuma yaran sun fi mu sani. In ba a gaya masa haka a fili ba, ran da ya faru zai ce malama ta yi masa ƙarya.

Ɗan Jami'a 02: Anti ki buɗe da maganar marubucin nan ɗan Birtaniya C.S. Lewis mana, wadda ya ce nagarta ita ce yin daidai ko da ba mai kallo. Duk jawabin da na gani da ita ake farawa. Sannan akwai bincike da aka yi a Jami'ar Newcastle a Ingila a 2006, a ɗakin shan shayin ma'aikata akwai akwatin da kowa ke saka kuɗin abin da ya sha ba mai tsaro, sai suka riƙa canza hoton da ke jikin bango, wani mako furanni wani mako idanun mutum. A makonnin idanu kuɗin da aka saka ya kusa ninki 3. Kin ga hujja ta kimiyya ke nan.

Anti Mai Lissafi: Ƙanena maganar nan ba a same ta a littattafan Lewis ba, jingina masa ake yi a intanet, masu kula da rubuce-rubucensa sun sha faɗa. Ka ga abin kunya a tsaya gaban yara ana jawabin gaskiya a buɗe da maganar da aka laƙaba wa wanda bai faɗe ta ba. Binciken idanun kuwa an yi shi da gaske, amma da wasu suka sake gwadawa a wurare daban sakamakon bai riƙa fitowa haka ba. Kuma ko da ya fito, me ya nuna? Cewa mutane suna gyara hali in sun ji kamar ana kallonsu. Ai kishiyar abin da Maman Ilham ke son faɗa ke nan.

Ni a Kaduna nake koyarwa kuma Kirista ce, to maganar haɗa yara Musulmi da Kirista: in kin kawo hadisin ihsani, ki haɗa da Luka 16:10, mai aminci a ƙaramin abu mai aminci ne a babba. Layi 1 wannan layi 1 wancan ya isa, kowane yaro ya ji da shi ake. Wasu za su ce ki kawo labarin Yusufu da matar maigidansa tunda yana cikin littattafan duka biyu, an kulle ƙofofi ba kowa ya ƙi. Ya dace da maudu'in ƙwarai amma kar ki gwada shi a asambilin 'yan shekara 14 maza da mata, dariya da ƙus-ƙus za su cinye miki minti 2.

Ɗan Jami'a 02: Toh ni dai a ko'ina sunansa nake gani a ƙasan maganar.

Oga Sola da Kamara: Malama shawarata ku sa kamara a azuzuwa kawai. Guda 8 da faifan ajiya da sola ƙarama, satar biro ta ƙare. Makarantu masu zaman kansu duk sun koma haka. In kina so in turo miki lissafi ta akwati.

Maman Ilham: Hhh Oga makarantar da alli ma sai mun yi karo-karo. Kuma jawabi aka ce in yi ba kwangila ba.

Uwar Biyu: Ni dai abin da zan ce ku yi hattara da abin da kuke sa yara. Ɗana yana aji 2 ya tsinci dubu 2 a bakin famfo a makarantarsu, ya kai wa wani malami saboda irin wannan wa'azin da aka yi musu, wlh ƙarshenta mai kuɗin ya ce dubu 3 ne ya yar, aka tsare yaron a ofis ana ina sauran, har da bulala. Ya dawo gida yana kuka ya ce Umma in na sake tsinta ko kallonsa ba zan yi ba. Me zan ce masa? Ku malamai ku fara gyara yadda kuke karɓar gaskiyar kafin ku nemi a kawo muku ita.

Baba Mai Ritaya: Allah ya ba ki haƙuri Uwar Biyu, kuma abin da kika faɗa ya fi duk abin da muka rubuta amfani ga mai jawabin. Maman Ilham kafin Litinin ki samu firinsifal ku tsayar da magana 1: ina ake kai tsintuwa, wa ke karɓa, kuma wanda ya kawo ba a tuhumarsa. Littafi ɗan 40 ya isa, a rubuta rana, abin da aka tsinta, inda aka tsinta. Wanda ya zo nema shi zai faɗi siffar abinsa da adadinsa kafin a nuna masa, kuma ba a haɗa shi da wanda ya tsinta. In ba a yi wannan ba jawabinki tura yara za ki yi cikin irin abin da ya samu ɗan baiwar Allah nan.

Maman Ilham: Wannan na rubuta shi. Toh Baba labarin fa? In na bar mai madara me zan kawo? Na yi tunanin yaron nan mai Keke Napep a Kano da ya mayar wa ɗan kasuwar Chadi naira miliyan 15 a 2023, yara sun san shi.

Baba Mai Ritaya: Sun san shi, kuma abin da suka fi sani shi ne kyaututtukan da aka yi ta yi masa bayan nan. Gwada ki tambayi 'yan ajinki gobe me suka tuna. Ciwon ɗaya ne da na ɗazu. In za ki kawo shi ki tsaya a daidai lokacin da kuɗin ke hannunsa, fasinjan ya tafi, ba wanda ya san suna wurinsa, ki bar su a nan.

Amma ni da ni ne, da tambaya zan fara ba labari ba. Kowane yaro a filin nan ya taɓa jin layar zana. Sai in ce: a ce yau na ba kowannenku layar zana, daga yanzu zuwa ƙarfe 2 ba malami ba firifet ba mai gadi da zai gan ka, ina za ka fara zuwa? Sai in yi shiru in ƙirga 5 a zuciya. Za su yi dariya, wani zai ce wajen mai awara, wani ya ce ofishin jarrabawa, ki bar su su yi, dariyar nan ita ce shaidar sun shigo hannu. Sannan ki ce kar kowa ya faɗa min amsarsa, amma abin da ya fara zo maka a rai ɗin nan, shi ne kai in an cire bulala. Tambayar tsohuwa ce, Aflatun na Girka ya kawo irinta fiye da shekara 2000 da suka wuce, makiyayi ya tsinci zobe mai ɓatar da mutum in ya juya shi, bai tsaya ko'ina ba sai da ya kashe sarki ya hau gadonsa. Ba sai kin ambaci Aflatun ba, 'yan aji 1 ba ruwansu da shi.

Daga nan ki sauko ƙasa, ki kira abubuwan da sunansu, guda 3 ba ƙari. Mai sa ido ya fita amsa waya a tsakiyar gwaji. Mai awara ta ba ka canjin ɗari 5 alhali ɗari 2 ka ba ta. An ce ka share aji ka tura sharar bayan ƙofa. Sai hadisin da ayar Anti Mai Lissafi, layi bibbiyu. Sai ki faɗa musu gaskiyar da ba a faɗa: wanda ya mayar da canjin nan ba wanda zai tafa masa, wataƙila abokansa su ce masa wawa, wataƙila ya wuni da yunwa. Sai ki rufe da sanarwar littafin tsintuwa da sunan malamin da ke riƙe da shi. Minti 5 ya cika.

Ustazu na Bakin Kasuwa: Layar zana a asambili Baba? Ai sai wani yaro ya je gida ya ce malama ta koya musu tsibbu. Ka san iyayen yanzu.

Anti Mai Lissafi: Nan kam Ustazu yana da gaskiya, ya danganta da garin. Sai ta ce hular da in ka sa ba a ganinka, ko ta ce misali ne kawai ba gaske ba tun daga farko. Tambayar ce mai aikin ba layar ba.

Malam Na Aji Shida: Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Duk wannan tsari ya yi, amma 'yan aji 6 da za a yi wa jawabin sun san wane malami ne ke karɓar kuɗin "taimako" kafin jarrabawa, sun san makarantun da ake komawa a yi rajista don a rubuta amsa a allo, wasunsu iyayensu ne suka biya. Kina magana suna kallon layin malamai da ke bayanki. Kullum da safe suna yi wa ƙasa alkawarin za su zama masu aminci da gaskiya, haddar baki ce kawai. Ni da za a ji tawa ki karanto musu dokar satar jarrabawa ta 1999, ɗan ƙasa da shekara 18 tarar naira dubu 100 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko duka biyun, ga soke sakamako. Tsoro ne kaɗai ke aiki a kansu.

Maman Ilham: Malam wannan na bayan nawa shi ne abin da ya hana ni barci gsky. Ba zan iya tsayawa in tona abokan aiki a gaban yara ba, kuma in na yi shiru kamar ban sani ba.

Baba Mai Ritaya: Ba tonawa za ki yi ba. Jimla 1 ta isa: na san kun ga manya suna yin abin da nake hana ku, har a cikinmu malamai, ban zo in ce muku ba ku gani ba. Kar ki kalli kowa lokacin da kike faɗa, kar ki ƙara komai. Amma ki nuna wa firinsifal jimlar tun ran Juma'a, kar ya fara jin ta a fili. In ya ce a cire, kin dai san inda kike.

Dokar kuwa a bar wa jami'in jarrabawa ya karanta musu a zaure ranar da za a raba lamba, wurinta ke nan. In ta shiga wannan jawabin ya koma ku ji tsoro za a kama ku, yaran kuma sun iya lissafi, sun san mutum nawa suka taɓa gani an ɗaure.

Anti Mai Lissafi: Malam Na Aji Shida ya taɓo wani abu da ya kamata mu yarda da shi ko ba daɗi. Tun 1928 wasu masu bincike a Amurka, Hartshorne da May, suka gwada dubban yara. Ɗaya daga dabarunsu ita ce a karɓi takardun gwaji a kwafe amsoshin a ɓoye, a mayar wa yara su yi wa kansu maki, sai a ga wa ya gyara amsa. Abin da suka gano shi ne yaron da bai yi maguɗi a aji ba yana iya yi a filin wasa, kuma yawan darasin tarbiyya da yaro ya sha bai hana shi sosai ba, halin ajin da yake ciki da sauƙin damar sun fi tasiri. Don haka kar a ɗora wa minti 5 abin da ba zai iya ba. Ni abin da nake yi a ajina, gwajin mako yara ke yi wa kansu maki da jan biro, ba na sa shi a sakamakon zango, na gaya musu don su san inda suke da rauni ne. Da farko kowa 10 bisa 10 yake ci, da suka ga makin ba ya zuwa ko'ina sai 4 da 5 suka fara fitowa.

Ɗan Jami'a 02: To Anti me zai hana a yi irin na Amurkan, ki ɗauki hoton takardun da waya kafin ki mayar musu, sai a kira waɗanda ba su gyara ba a asambili a ba su kyauta?

Uwar Biyu: Tarko ke nan. Ka ce wa yaro ba mai ganinka alhali ka laɓe, ran da ya gane ba zai sake yarda da kai ba.

Ustazu na Bakin Kasuwa: Amma ai Abdullahi bin Umar gwada makiyayin ya yi, kuma ba wanda ya ce ya yi laifi. Jarraba almajiri don a san na ƙwarai ba sabon abu ba ne a wajen malamanmu.

Baba Mai Ritaya: Shi mutum 1 ya gwada kuma bai tara jama'a ya nuna waɗanda suka faɗi ba. In ka kira yara 6 gaba ka ba su sabulu, ka gaya wa makaranta duka cewa sauran 54 ɓarayi ne. Ni ban goyi baya ba, amma na san shugabannin makarantu da ke yi kuma suna rantsuwa yana aiki.

Maman Ilham: Tarkon dai ba zan yi ba. Na yanke shafi 2, na bar tambayar, na mayar da layar hula saboda maganar Ustazu, mai madara kuma na bar ta layi 3 na tsaya a amsar yarinyar ban kai ga auren ba. Na karanta da agogo ya ba ni minti 4 da rabi a ɗaki.

Baba Mai Ritaya: A fili zai kai 6, ga dariya ga shirun da za ki yi. Rage misali 1, na shara ya fi sauƙin tafiya.

Ustazu na Bakin Kasuwa: Yaran za su ƙarasa miki auren da kansu daga layin baya, ki ce na faɗa.

Maman Ilham: Su ƙarasa Malam. Saura littafin tsintuwa, mataimakin firinsifal ya ce a ba hedboi ya riƙe, ni kuma ina ganin kuɗi bai kamata ya kwana a hannun ɗalibi ba ko don kar a jefa shi a zargi. Waɗanda kuka taɓa yi, wa ke riƙewa a wajenku?